Na goge fayil a Mac: tambayoyi da amsoshi kan dawo da shi da Time Machine

Ina gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma yawancin masu kawo mini Mac ko dai masu ɗaukar hoton biki ne, ko masu haɗa bidiyo, ko ɗalibai masu rubuta furojet. Kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne, sai dai ana zuwa da su bayan aikin gama ya gama. Na tattara su a nan. Abin da zan yi ta nanatawa guda ne: Time Machine tana dawo da abin da ta gani ne kawai, kuma abin da ta gani ma ba duka take riƙewa har abada ba.

Yanzu-yanzu na goge fayil. Me zan fara yi?

Kada ka fara da Time Machine. Buɗe kwandon shara da ke ƙarshen Dock, wanda wasu kwamfutoci ke rubuta masa `Trash`, wasu kuma `Bin`, gwargwadon irin Turancin da aka saita. In fayil ɗin yana ciki, riƙe maɓallin Control ka danna shi, ka zaɓi `Put Back`. Zai koma daidai inda ya fito. Shi ke nan.

Idan ka riga ka zubar da kwandon, ko ka goge da Option da Command da Delete a haɗe, wanda ke tsallake kwandon gaba ɗaya, to yanzu ne maganar Time Machine ta taso. Kafin ka je can, dakata da loda wa kwamfutar sabbin abubuwa. Kada ka kwashe hotunan mimori zuwa cikinta, kada ka sauke wani babban bidiyo. Dalilin yana nan tafe a tambayar da ta shafi rashin faifai.

Mece ce Time Machine ɗin, kuma me take ajiyewa?

Manhaja ce da ke zuwa cikin kowace Mac tun daga Mac OS X Leopard na 2007. Ba saye ake ba, ba sauke ta ake ba, kuma ba ta cin data. Kana jona mata faifan waje, ka ce mata ga wurin ajiya, sai ta kwafi duk abin da ke cikin kwamfutar sau ɗaya. Daga nan sai ta riƙa ƙara abin da ya canza kawai. Wannan kwafin ne masu gyara ke kira bakof.

Tsarin riƙon nata shi ne abin da ya kamata ka haddace. Na awa 24 da suka wuce, tana riƙe kwafin kowace awa. Na wata guda da ya wuce, kwafi ɗaya a kowace rana. Abin da ya haura wata, kwafi ɗaya a kowane mako. Ran da faifan ya cika, sai ta fara share mafi tsufa don ta samu wurin sabo. Wato kamar rumbu ne da ake zuba sabuwar shinkafa ta sama ana ɗibar tsohuwa ta ƙasa.

To yaya ake dawo da fayil ɗin, daki-daki?

Jona faifan ajiyar ka jira ya bayyana. Sannan buɗe Finder ka shiga foldar da fayil ɗin yake zaune kafin ka goge shi. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, sai su shiga Time Machine daga wani wuri dabam su yi ta lalube. In a `Documents` yake, tsaya a `Documents`. In a `Desktop` yake, buɗe `Desktop` ta cikin Finder.

Daga nan danna alamar agogo mai kibiya zagaye da ke saman allo, ka zaɓi `Browse Time Machine backups`. A tsofaffin kwamfutoci, kafin macOS Ventura na 2022, sunan `Enter Time Machine` ne. In ba ka ga agogon ba, danna Command da Space, ka rubuta Time Machine, ka buɗe ta daga can.

Allon zai canza. Za ka ga foldar taka a gaba, da irinta jere a bayanta, kowace tana nuna yadda foldar take a wani lokaci da ya wuce. A gefen dama akwai kibiyoyi biyu da jerin ƙananan layuka masu ɗauke da ranaku. Yi ta danna kibiyar sama kana komawa baya har fayil ɗin ya fito. Ya fito ɗin ma kada ka yi gaggawa. Zaɓe shi ka danna Space, zai buɗe maka shi ka leƙa ciki. Fayil mai suna ɗaya yana iya zama iri goma a ranaku goma, kai kuma na ƙarshe kake nema kafin ranar gogewa. Ka tabbatar, sai ka danna `Restore`.

Fayil ɗin zai koma mazauninsa na asali. Kuma dawo da shi ba ya cire shi daga faifan ajiya, kwafa kawai aka yi.

Ta tambaye ni `Keep Original`, `Keep Both` ko `Replace`. Wanne zan zaɓa?

Wannan tambayar tana fitowa ne in akwai wani fayil mai suna iri ɗaya a wurin yanzu. `Replace` zai danne na yanzu da tsohon. `Keep Original` zai bar na yanzu, tsohon ba zai dawo ba. Ni kullum `Keep Both` nake zaɓa, in buɗe su biyun in kwatanta, sannan in goge wanda ba na so da hannuna. Musamman in folda ce guda. Mutum ya danna `Replace` a kan folda, sai tsohuwar ta maye gurbin sabuwar, har da fayilolin da ya ƙara jiya. Ya zo neman fayil ɗaya, ya tafi ya rasa biyar.

Za ka ba mu misalin wanda ya faru a gabanka?

Akwai wani ƙanena, ɗan maƙwabtanmu, mai ɗaukar hoto. Ya ɗauki wani biki a Jega, ya zuba hotunan a folda mai suna `Bikin Jega` cikin `Pictures`, wajen gigabait 38. Laftof ɗinsa mai gigabait 256 ce, kullum a cike take maƙil. Daren Alhamis yana neman wurin da zai zuba aikin wani suna da ya ɗauko a Argungu, sai ya goge foldoji uku da yake ganin ya gama da su, ya zubar da kwando. Bai lura ta Jega tana ciki ba sai ranar Lahadi, da uwar amarya ta aiko a karɓi hotuna. Mimorin kyamarar kuwa ya riga ya share ya ɗauki sunan a kai.

Ya shigo shago ko sallamar kirki bai yi ba.

"Yaya, na shiga uku. Hotunan Hajiya sun tafi."

"Ina faifan da na haɗa maka bara?"

"Yana gida cikin durowa."

"Yaushe rabon da ka jona shi?"

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Laraba da yamma, ina jin."

Ya hau babur ya ɗauko. Muka jona, muka buɗe `Pictures` a Finder, muka shiga Time Machine. Layin ƙarshe na faifan ya nuna Laraba, ƙarfe 6 da 'yan mintuna. Muka koma can, ga `Bikin Jega` zaune. Na shiga ciki na danna Space a kan hotuna huɗu ko biyar, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, duk suka buɗe lafiya, ga amarya da ƙawayenta cikin anko.

Sai matsala ta biyu. Wurin da ya rage a kwamfutar gigabait 20 ne, foldar kuwa 38. Da mun danna `Restore` kai tsaye, ba za ta shiga ba. Sai na jona wani faifai nawa na shago, na riƙe Control na danna foldar a cikin Time Machine, na zaɓi layin da ke farawa da `Restore` ya ƙare da `to…`, wanda ke ba ka damar nuna wani wuri dabam. Muka tura ta can.

Amma ba komai ya dawo ba. Ranar Alhamis da safe ya zauna ya gyara hotuna wajen arba'in, ya gyara haske, ya yanke gefe, ya fitar da su cikin wata ƙaramar folda. Faifan bai ga wannan aikin ba, domin yana durowa a lokacin. Hotunan asali sun tsira, gyaran kuwa sai da ya sake shi daga farko a daren nan.

Faifan ajiyar ba ya kusa. Ina Gusau, shi yana gida Birnin Kebbi. Akwai dabara?

Akwai, in ka yi sauri. Idan Time Machine tana kunne tana aiki da kanta, to ko faifan ba ya jone, tana ɗaukar wani irin kwafi na wucin gadi a cikin kwamfutar, kusan duk awa. Shiga Time Machine kamar yadda na bayyana a sama, ba tare da faifai ba. Za ka ga wasu layukan gefen dama suna buɗewa, wasu sun dusashe sun ƙi. Masu buɗewar su ne na cikin kwamfuta, waɗanda suka dusashe kuma suna can kan faifan da ka bari a gida.

Iyakarsu biyu. Na farko, awa 24 ake riƙe su. Na biyu, da zarar kwamfuta ta matsu da wuri, su take fara sharewa, ba tare da ta tambaye ka ba. Dalilin da ya sa na ce kada ka loda komai bayan ka goge fayil ke nan. Abin da ya kashe gyaran ƙanen nan nawa ke nan ma: ya kwana uku bai lura ba, kuma ya cika kwamfutar da hotunan suna.

In kana son ganin ko akwai su, buɗe Terminal, manhajar da ake rubuta wa Mac umarni a ciki, ka rubuta:

```
tmutil listlocalsnapshots /
```

Layukan da kake nema su ne masu farawa da `com.apple.TimeMachine`, sai shekara da wata da rana da lokaci. In ka ga wanda lokacinsa ya riga gogewar, kana da sa'a. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ajiya ta gaske. Yana cikin kwamfutar ne, in aka sace ta ko ta mutu, tare za su tafi.

Na koma baya har watanni, amma fayil ɗin ba ya nan. Me ya faru?

A nan ne mutane ke cewa Time Machine ta ci amanarsu, alhali galibi abin da ya faru yana da bayani.

Mafi yawa, fayil ɗin bai yi tsawon ran da za a kama shi ba. Ka rubuta wasiƙa ƙarfe 10 da minti 10, ka goge ta ƙarfe 10 da minti 40, kwafi kuma bai zagayo tsakanin nan ba. Ba ta taɓa ganin wasiƙar ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, wanda mutane kaɗan suka sani. A ce ka ƙirƙiri fayil ranar Talata da azahar ka goge shi da magariba. Kwafin awa-awa sun kama shi, ranar Laraba da safe za ka same shi. Amma bayan awa 24 ta wuce, Time Machine tana tankaɗe kwafin Talata ta bar guda ɗaya tak. Idan wanda ta bari ba na tsakanin azahar da magariba ba ne, fayil ɗin ya tafi. Haka abin yake a mataki na gaba: fayil da ya yi kwana biyu a kwamfuta yana iya ɓacewa bayan wata guda, lokacin da aka mayar da kwafin kullum zuwa na mako. Fayil da ya daɗe zaune shi ne ke daɗewa a ajiya. Na ɗan lokaci kuwa, in ka lura ya ɓata, ranar za ka nema, ba sai ka samu sukuni ba.

Wani dalilin shi ne wurin da fayil ɗin yake. Abin da ke kan filash ko faifan waje ba ya shiga ajiya da kansa, domin Time Machine tana sa faifan waje cikin jerin waɗanda ta ware. Masu haɗa bidiyo da ke aiki kai tsaye a kan faifan waje su ne wannan ya fi cizo. Ana iya cire faifan daga jerin a ƙarƙashin `Options`, amma sai in tsarinsa na Mac ne, `APFS` ko `Mac OS Extended`. Filash da ake yawo da shi tsakanin Mac da Windows, mai tsarin `ExFAT` ko `FAT32`, ba ta ɗaukarsa. Don ka san ko an ware wata folda:

```
tmutil isexcluded ~/Movies
```

Amsar za ta fara da `[Included]` ko `[Excluded]`.

Kafin ka yanke ƙauna dai, gwada akwatin bincike da ke saman foldar a cikin Time Machine. Sau da yawa fayil ɗin yana nan, mai shi ne ya manta ya taɓa matsar da shi ko ya canza masa suna.

Fayilolina suna iCloud. Ba shi ke nan ba?

A'a. iCloud Drive daidaita na'urorinka yake yi. Ka goge a Mac, ya goge a waya. Abin da yake da shi shi ne `Recently Deleted`, inda abin da aka goge ke zama kwana 30, kuma ana iya duba shi a iCloud.com.

Akwai tarko a nan. In an kunna `Optimize Mac Storage`, kwamfutar tana kwashe fayilolin da ka daɗe ba ka buɗe ba ta bar su a intanet kawai, sai sunansu da alamar girgije a gefe. Abin da ba ya cikin kwamfuta, Time Machine ba ta da abin da za ta kwafa. Don haka wanda ke da ƙaramar laftof da iCloud a kunne ya fara duba `Recently Deleted` kafin kwana 30 su cika.

Hoto guda na goge a cikin manhajar Photos. Haka zan bi?

Fara da `Recently Deleted` na cikin Photos, shi ma kwana 30 ne. In ya wuce, aikin ya ɗan yi nauyi, domin Photos tana dunƙule duk hotunanka cikin abu guda mai suna `Photos Library` a foldar `Pictures`, kuma dunƙulen gaba ɗaya ake dawowa da shi. Rufe Photos, dawo da tsohon dunƙulen zuwa wani wuri dabam mai isasshen fili, kada ka danne na yanzu. Sannan riƙe Option yayin buɗe Photos, za ta tambaye ka wanne za ta buɗe. Zaɓi tsohon, fitar da hoton ta `Export`, rufe, ka sake riƙe Option ka koma na yanzu.

Ban goge fayil ɗin ba, na ɓata abin da ke ciki ne na adana.

Hanya ɗaya ce: koma lokacin da yake daidai, ka duba da Space, ka zaɓi `Keep Both`. A Pages da Numbers da TextEdit akwai gajeriyar hanya ma, `File` sai `Revert To` sai `Browse All Versions`.

Ban taɓa kunna Time Machine ba. Za ta iya taimaka mini yanzu?

Ba za ta iya ba. Kunna ta yau ba zai dawo da abin da aka goge jiya ba. Kuma kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin manhajar tono fayil ba tare da ya gaya maka gaskiya ba: Mac na zamani suna amfani da SSD, wanda ke share gurbin abin da aka goge ba da daɗewa ba, saɓanin tsohon faifai mai juyawa da ake iya tonowa. Gara ka bi sawun fayil ɗin a wasu wurare. Ka taɓa tura wa wani ta imel ko WhatsApp? Yana kan filash ɗin da ka kai shagon buga takardu? Mimorin kyamara fa, an sake ɗaukar wani abu a kai? Ɗalibai da dama a wajen malamin da ke duba musu furojet muka samo babin da suka rasa.

Kwamfutar ce ta mutu gaba ɗaya, faifan ne kawai ya rage.

Jona shi a wata Mac ka buɗe shi ta Finder. Za ka ga kwafin jere da ranakunsu. Shiga wanda kake so, ka buɗe foldar da ke ɗauke da sunan faifan cikin kwamfutarka, ka bi ta `Users` zuwa sunanka, ka jawo fayil ɗin waje. Kwafa kawai za ka yi, kada ka goge ko ka matsar da komai a ciki. In sabuwar kwamfuta ka saya kana son komai ya dawo, Migration Assistant ce ke wannan aikin.

Idan an kulle faifan da kalmar sirri lokacin da aka saita shi, sai da ita zai buɗe, kuma ba lallai ta zama ɗaya da ta shiga kwamfuta ba. In ta ɓata, ba ni ba, ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar ba zai buɗe maka ba. Duk da haka ina ba da shawarar kullewa, tunda hotunan matan mutane ne a ciki, sai dai a rubuta kalmar a takarda a adana.

Wane faifai zan saya, kuma yaya zan san ajiyar tana tafiya?

Nemi wanda ya ninka girman kwamfutarka aƙalla sau biyu. Mai gigabait 256 ya sayi terabait 1 ya huta, domin yawan fili shi ne nisan bayan da za ka iya komawa. Yawancin faifan da ake sayarwa a kasuwa da tsarin Windows suke zuwa, don haka Mac za ta nemi ta share shi kafin ta fara. In akwai kayanka a ciki, kwashe su tukuna. Saitin yana `System Settings`, sai `General`, sai `Time Machine`, sai `Add Backup Disk`.

A yanayinmu na ɗauke wuta, na fi son ƙaramin faifai mai shan wuta daga jikin laftof a kan babba mai nasa filogi, wanda ke mutuwa tsakiyar aiki da zarar wuta ta tafi. Haka kuma duba `Options` ka ga ko an yarda ta yi ajiya a kan batir. In ba a kunna wannan ba, sai laftof tana caji take kwafa zuwa faifai, kuma mai yini a kan batir zai ɗauka ana ajiya alhali ba a yi. Kafin ka zare faifai ka danna `Eject`. Kada kuma ka bar shi cikin mota a zafin watan Afrilu.

Sanin ko tana tafiya ba wuya. Danna agogon saman allo, layin farko zai gaya maka ranar da lokacin ajiyar ƙarshe. In ka ga ya ce makonni uku da suka wuce, to duk aikin makonni ukun nan kwafi ɗaya gare shi a duniya. Ni duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan shiga Time Machine ta shago, in zaɓi wani fayil na makon jiya, in dawo da shi kan `Desktop`, in buɗe in ga ya buɗu, sannan in goge shi.